Kuɗin fito: tsakanin harajin kaso da harajin ƙidaya

Hanyoyi biyu ne hukumomin kwastam ke bi wajen yanke kuɗin fito. Ta farko ita ce a karɓi wani kaso cikin ɗari na darajar kaya. Ta biyu kuwa a yanke tsayayyen kuɗi a kan kowane guda, ko kilo, ko lita, ba tare da duba farashi ba. 'Yan kasuwar da suka gaji da jayayya kan darajar kaya a tashar jiragen ruwa kan ce da ma a koma ga ta biyu, kowa ya huta. A ganina wannan hutu yana da tsada, kuma talaka ne zai biya.

Tsarin fito na bai-ɗaya na ƙungiyar ECOWAS, wanda Nijeriya ke bi tun 2015, na kaso ne, mai matakai biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Darajar da ake lissafi da ita ta haɗa kuɗin saye da na dako da na inshora. Mu ƙaddara wani ɗan kasuwa ya shigo da takalma ƙafa 1,000 a kan dala 5,000, dako da inshora suka ci dala 500, fiton kuma kashi 20 ne. Zai biya dala 1,100. Idan kwastam ta canza dala a kan naira 1,500, ya zama naira 1,650,000. Idan canjin ya koma 1,600 kafin ya fanshi kayan, sai ya biya 1,760,000, alhali ko igiyar takalmi ba ta ƙaru ba.

Rauni na biyu ya fi wannan muni. Tunda komai ya rataya ga takardar farashi, mai son zuciya kan rage adadin da ke cikinta. Jami'i ya yi shakka, a shiga ciniki, kaya su kwana a tasha, ƙofar cin hanci ta buɗe. Harajin ƙidaya ya tsira daga wannan, domin ƙirge da awo ba sa buƙatar amincewa da takardar kowa.

To, mu mai da wancan fito tsayayye: naira 1,650 a kan kowace ƙafa. Ɗan kasuwarmu bai ci riba ba, bai yi asara ba. Amma wanda ya shigo da takalmin roba mai darajar naira 3,000 ya biya kashi 55 cikin ɗari ke nan, mai takalmin fata na naira 75,000 kuma kashi 2.2 kacal. Doka ɗaya ce, adadi ɗaya, sai dai nauyinta ya danne mai arha ya ƙyale mai tsada. Ma'aunin gane haka mai sauƙi ne: a raba tsayayyen kuɗin da darajar guda ɗaya, a ninka da ɗari.

Haka kuma tsayayyen kuɗi ba ya tafiya da zamani. A 1930 Amurka ta kafa dokar fito ta Smoot-Hawley, wadda da yawa daga cikin harajinta na ƙidaya ne. Da farashi ya karye a shekarun durƙushewar tattalin arziki, adadin bai motsa ba, sai nauyinsa ya ƙaru da kansa. Matsakaicin fito a kan kayan da ake biya wa haraji ya tashi daga kusan kashi 40 a 1929 zuwa kusan 59 a 1932, kuma faɗuwar farashi na da babban hannu a ciki.

A wurinmu akasin haka ke faruwa. A 2022 aka soma karɓar naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai sukari. Wannan harajin kayan masarufi ne, ba fito ba, amma kwastam ke karɓarsa kuma ɗabi'arsu ɗaya. Kwalbar rabin lita naira 5 take biya. Idan ana sayar da ita 150, kashi 3.3 ne, in ta kai 400, ya koma 1.25. Hauhawar farashi ta cinye harajin ba tare da majalisa ta ɗaga hannu ba.

Saboda haka harajin ƙidaya ya dace da kayan da ingancinsu bai cika bambanta ba, kamar sukari ko siminti, da sharaɗin a riƙa sabunta adadin a kai a kai. Kayan da ke da na talaka da na mai hali, irin su tufafi da takalma, kaso ne adalcinsu. Maganin ƙaryar farashi shi ne a gyara hanyar tantance daraja, ba a ɗora wa mai silifas nauyin mai sau-ciki ba.