Allurar Ranar Haihuwa: Me Ya Sa Ake Yi wa Jariri Bitamin K?

Idan babba ya yanke da wuƙa, kafin minti kaɗan jinin ya daskare ya tsaya. Hanta ce ke ƙera sinadaran da ke wannan aiki. Huɗu daga cikinsu, waɗanda likitoci suka ba lamba 2, 7, 9 da 10, ba su gama ƙeruwa sai da bitamin K. Shi ne ke sa musu wasu 'yan ƙugiyoyi da za su kama kalsiyam, su manne a bakin rauni. In babu shi, hanta za ta fitar da su, amma kamar fartanya ce marar ƙota.

Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Henrik Dam, shi ya fara gano wannan a 1929, da ya ga 'yan tsakin da ya hana wa abinci mai maiƙo suna ta zub da jini.

Mu manya muna samun bitamin K daga alayyafo da kabeji, ƙwayoyin da ke cikin hanjinmu kuma suna ƙara mana. Jariri kuwa da ɗan kaɗan yake zuwa duniya. Abin da ke ratsa mabiyiya daga jikin uwa ƙanƙane ne, hanjinsa bai tara ƙwayoyin nan ba tukuna, nono kuma, duk da albarkarsa, ba shi da bitamin K da yawa. Ko uwa ta sha miyar ganye kullum, ba zai ishe shi ba.

A ce an haifi yaro a gida a Abakpa ran Litinin, ba a yi masa allura ba. Daga kwana na 2 zuwa na 7 ne jininsa ya fi rashin ƙarfin daskarewa. Ga shi kuwa a ƙarshen makon nan ne waɗansu gidaje ke kiran wanzami ya yi aski, ko kaciya, ko cire beli. Yankan da bai kai ƙwayar shinkafa ba yana iya yin ta ɗiga har yaro ya yi fari fat. Wani kuma sai tsakanin mako 2 da 12 jinin ya tsinke a cikin ƙwaƙwalwa, inda ido ba ya gani.

Maganin allura ɗaya ce a cinya, miligiram 1, cikin sa'o'in farko bayan haihuwa. Bakwaini ƙarami ƙwarai akan rage masa. In a asibiti aka haihu, mu tambayi nas ko an yi. In a gida ne, mu kai jaririn ran nan, kada mu jira suna. Beli kuwa a bar shi inda yake.

Idan muka ga cibiya tana ɗigar jini, ko jini a amai ko a kashi, ko maɗiga ta kumbura, ko jariri yana jijjiga ya ƙi nono, kada a tsaya sa toka ko ɗaure tsumma. A nufi babban asibiti, kamar na Barau Dikko, ko da tsakar dare ne.