Matse bidiyon lacca: inganci za a tsayar, ko yawan data?

Wayar da ke ɗaukar bidiyo a kan megabit 16 a kowane sakan, idan aka bar ta ta ɗauki laccar awa guda, fayil ɗin zai kai gigabait 7 da ɗoriya. Babu ɗalibin da zai iya sauke wannan da datar da ya saya ta mako, balle a ce karatun na kullum ne, kamar tafsirin azumi da ake yi kusan wata cur. Dole a matse. To amma da zarar mutum ya buɗe manhajar matsewa, sai ta tare shi da tambaya. A HandBrake zai ga `Constant Quality` a gefe guda, `Avg Bitrate (kbps)` a ɗaya gefen. A ffmpeg kuwa zaɓin yana tsakanin `-crf` da `-b:v`. Da yawa suna barin abin da suka tarar, su danna, su jira abin da Allah ya yi.

Bambancin hanyoyin biyu kamar na mutum biyu ne da suka je wurin tela. Na farko ya ce a ɗinka masa riga mai kyau, ko yadi nawa za ta ci. Na biyu ya ajiye yadi huɗu ya ce a fitar masa da riga a ciki, ko ta yaya za ta fito. Hanyar tsayar da inganci ita ce ta farko: kai ka faɗi kyan hoton da kake so, manhaja ta kashe datar da hakan ke bukata, ba za ka san girman fayil ba sai an gama. Hanyar tsayar da yawan data ita ce ta biyu: girman fayil yana hannunka tun farko, kyan hoton ne ba ka da tabbas a kansa.

Dalilin da ya sa zaɓin yake da nauyi a kan lacca shi ne yadda matsewa ke aiki. Manhaja ba ta adana kowane hoto cikakke. Takan adana hoto ɗaya, sannan ta riƙa rubuta abin da ya canza kawai a hotunan da ke biye. Lacca kuwa yawancinta ba motsi: bango yana nan, allo yana nan, bakin malam da hannunsa ne kawai ke aiki. Idan ma allon kwamfuta aka ɗauka, rubutu na iya yin minti uku bai gusa ba. A irin wannan, tsayar da inganci yana kashe data kaɗan ƙwarai, sai lokacin da aka juya shafi ko kyamara ta waiga wajen masu tambaya ya ƙara. Shi kuwa wanda ya ce lallai kowace lacca ta ci kilobit 500 a sakan, manhaja za ta yi ƙoƙarin cinye su ko ba a bukata, ta goge hoton da ya riga ya yi kyau, ɗalibi ya biya kuɗin abin da idonsa ba zai gani a fuskar waya ba.

A x264, wato injin matsewar da ke fitar da H.264 wanda kusan kowace waya ke buɗewa, lambar CRF tana tafiya daga 0 zuwa 51, kuma idan ba ka faɗi komai ba 23 ake sa maka. Ƙaramar lamba tana nufin hoto mai kyau da babban fayil. Ƙiyasin da aka saba da shi shi ne, duk ƙarin 6 yana rage girman bidiyon da kusan rabi. Don haka tashi daga 23 zuwa 29 ba ƙaramin rangwame ba ne ga mai sayen data. Ga laccar da za a kalla a waya, ni daga 28 nake ganin ya dace a fara, sannan a duba rubutun da ke kan allo. Fuskar malam tana jure matsewa, ko ta ɗan dushe ana gane shi. Rubutu ne ba ya jurewa. Idan ɗigon haruffan Larabci ko ƙananan lambobin lissafi suka fara haɗewa, an wuce gona da iri, sai a sauko da lamba ɗaya ko biyu.

Matsalar wannan hanya ita ce manhaja ba ta san abin da ke da amfani ba. Ita dai canji take gani. Fankar silin da ke juyawa a saman hoto canji ce. Hannun mai riƙe da waya da ke karkarwa yana sa dukkan hoton ya zama sabo a kowane lokaci. Mafi muni shi ne karatun da aka ɗauka bayan Magariba cikin ƙarancin haske, inda kyamara ke cika hoton da ƙananan ɗige-ɗige masu rawa kamar yashi. Idon mutum yana watsar da su, amma manhaja tana ɗaukarsu a matsayin abin da dole a adana. Shi ya sa lacca biyu masu tsawo ɗaya, da lambar CRF ɗaya, ɗaya za ta iya ninka ɗaya a girma sau da yawa. Wanda ya yi wa ɗalibai alkawarin cewa kowane darasi ba zai wuce megabait 100 ba, CRF shi kaɗai ba zai cika masa alkawarin ba.

A nan lissafi ke shigowa, kuma ba mai wuya ba ne:

```
MB = kbps × sakan ÷ 8000
kbps = MB × 8000 ÷ sakan
```

Awa guda sakan 3,600 ce. Idan ana son ta tsaya a megabait 100, to 100 sau 8,000 a raba da 3,600, ya ba da kilobit 222 a sakan. Wannan na hoto da sauti ne gaba ɗaya, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Sautin da aka bari a kilobit 128 shi kaɗai zai cinye megabait 57 da ɗoriya a awa guda, fiye da rabin kason, alhali muryar mutum ɗaya ba ta bukatar haka. A mayar da shi layi ɗaya a kan kilobit 48, ya koma kamar megabait 22, kuma ana jin kowace kalma. Sai a cire 48 daga 222, saura 174, a sa 170 don a bar ɗan sarari.

Kilobit 170 ba zai ɗauki hoto mai tsayin 1080 ba, sai dai ya fito a farfashe. Sai an rage shi zuwa 480 ko 360, a kuma rage yawan hotunan da ke wucewa a sakan daga 30 zuwa 15, wanda ba ya cutar da mai zaune yana magana. Sannan a bi ta kan bidiyon sau biyu:

```
ffmpeg -y -i lacca.mp4 -vf scale=-2:480,fps=15 -c:v libx264 -preset slow -b:v 170k -pass 1 -an -f null /dev/null
ffmpeg -i lacca.mp4 -vf scale=-2:480,fps=15 -c:v libx264 -preset slow -b:v 170k -pass 2 -c:a aac -b:a 48k -ac 1 -movflags +faststart karama.mp4
```

Mai amfani da Windows zai rubuta `NUL` a maimakon `/dev/null`. Zagayen farko leƙe ne kawai, manhaja tana auna inda bidiyon ke da wahala da inda yake da sauƙi. A zagaye na biyu take raba datar, ta rage wa wurin da malam ke zaune, ta ƙara wa wurin da ya tashi yana rubutu. Idan aka yi zagaye ɗaya tak, manhaja tana rabo ne ba tare da sanin abin da ke gaba ba, kuma sakamakon yakan fi muni. Abin da ake biya shi ne lokaci, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai aiki da tsohuwar kwamfuta da wutar janareto.

Wani abu da ya kamata a fahimta: idan fayil biyu suka fito da girma ɗaya, ɗaya ta CRF ɗaya ta zagaye biyu, kyan hotonsu kusan ɗaya ne. Babu wadda ta fi iya matsewa. Tambayar kawai ita ce wanne kake so ka sani tun farko, kyau ko girma.

Akwai kuma hanya ta uku da ke tsakaninsu, ita ce ta fi dacewa da jerin darussa. Ana sa CRF, sannan a yi masa rufi:

```
ffmpeg -i lacca.mp4 -vf scale=-2:480,fps=15 -c:v libx264 -preset slow -crf 28 -maxrate 300k -bufsize 600k -c:a aac -b:a 48k -ac 1 -movflags +faststart karama.mp4
```

Darasin da ba shi da motsi zai sauka ƙasa da rufin yadda ya ga dama, ɗalibi ya ci ribar. Wanda aka ɗauka cikin duhu kuwa zai buga kai da rufin ya tsaya. Ko da ya zauna a rufin daga farko har ƙarshe, 300 da 48 sun zama 348, wato kamar megabait 157 a awa guda, ba zai zarce haka da wani abin kirki ba. Rufin yana da wani amfani ga mai kallo kai tsaye daga shafi: abin da ke sa bidiyo ya tsaya yana juyi shi ne tsallen da data ke yi kwatsam ta fi ƙarfin sabis ɗinsa, ko da matsakaicin fayil ɗin ƙarami ne. Wanda zai sauke da dare ya kalla da safe, ko a tura masa ta Xender, wannan tsallen bai dame shi ba, jimillar girman ce kawai damuwarsa. Idan rufin ya yi ƙasa da yawa za a gane: hoto yana lafiya, amma da kyamara ta motsa ko aka juya shafi sai ya dagule na ɗan lokaci kafin ya daidaita.

Kafin a saki kwamfuta ta yi awanni tana aiki, a gwada da yanki. A saka `-ss 00:20:00 -t 120` kafin `-i`, zai yanko minti 2 daga tsakiyar laccar. A ce yankin ya fito megabait 3, sau 30 ya zama kamar megabait 90 a awa. A tura shi cikin ƙaramar waya irin ta ɗaliban a kalla a can, ba a fuskar kwamfuta ba. Idan girman ya wuce tsammani, kafin a ƙara lambar CRF a gwada ƙara `hqdn3d` cikin jerin `-vf`, yana share ɗige-ɗigen duhu. Gobe kuma a kafa wayar a kan ƙafa, a kunna fitila, a kauce wa fanka.

Duk wannan wahalar ta banza ce idan YouTube za a ɗora, domin su za su sake matsewa da kansu, gara a ba su mai kyau. WhatsApp ma yana sake matse abin da aka tura masa a matsayin bidiyo, sai an tura shi a matsayin fayil yake isa yadda aka shirya shi.

Idan an ɗaure ka da wani girma da ba za a wuce ba, yi lissafinka ka bi zagaye biyu. Idan kuwa darussa 30 ne a gabanka, kowanne da irin haskensa, sa CRF 28 da rufi, ka rage sauti, ka duba rubutun allo a waya kafin ka tura.