Ciyar da akuyar tatsa kafin haihuwa da bayanta

Madarar da akuya za ta bayar bayan haihuwa, tun tana da ciki ake tanadinta. Jar akuyar Maraɗi tana iya ba da kusan rabin lita a rana, amma ba za ta kai haka ba idan ta haihu a rame.

Cikin akuya wata 5 ne. A ce bunsuru ya barbare ta a farkon Nuwamba, to haihuwarta farkon Afrilu ke nan, lokacin da daji ya bushe, harawa ta yi tsada. Saboda haka a farkon Fabrairu za a daina tatsarta, domin hantsarta ta huta wata 2. A rage mata dusa na ƴan kwanaki, madarar za ta ja baya, sannan a bar tatsa gaba ɗaya. Idan hantsar ta yi zafi da tauri, a kira ma'aikacin dabbobi.

A nan ne aka fi yin kuskure: an ga ba ta ba da madara, sai a bar ta da karan gero kawai. Alhali a makonni 6 na ƙarshe ƴaƴan cikinta suke yin mafi yawan girmansu, suna matse tumbinta, ba ta iya cin abinci mai yawa. Ɗan abin da za ta ci dole ya zama mai ƙarfi: harawar wake ko ta gyaɗa da ƴaƴan gawo, tare da dusa. A fara da tafin hannu ɗaya, a ƙara sannu a hankali cikin mako 2 har ya kai giram 200 zuwa 300 a rana. Mai wayar da kai zai iya auna wannan sau ɗaya, ya sa alama a kwano, uwa ta riƙa bin alamar. Zuba mata hatsi mai yawa lokaci guda yana kawo kumburin ciki da zawo, har ya kan kashe.

Idan ta haihu, dakashi na ƴaƴanta ne. Wata 2 na farko su ne ganiyar madara, sai dusa ta kai giram 400, rabi da safe rabi da marece. A ajiye mata gishirin lasa, a ba ta ruwa mai tsabta sau 2 ko 3 a yini, domin ƙishirwa tana yanke madara tun kafin yunwa.

Kowane mako a shafa gadon bayanta. Idan ƙashin ya fito da tsini a ƙarƙashin yatsa, jikinta take narkarwa ta yi madara, a ƙara harawa. Idan tana ci amma tana ramewa, cikin fatar idonta kuma ya yi fari, a tuhumi tsutsar ciki.

Madarar kuwa a tafasa ta kafin a zuba a kunun yaron da ya wuce wata 6. Wanda bai kai ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi.