Me Ya Sa Ake Cewa "If I Were You"?

A firamare an koya mana cewa "I" da "was" suke tafiya a Turanci. To ina "If I were you" ta samo "were"? Ba kuskure ba ne. Wannan "were" ragowar tsohuwar siga ce ta fi'ili, wadda ake amfani da ita kan abin da ba haka yake ba, daidai da "da" ɗinmu a "da ni ne kai". Wanda ya ce "If I were you, I would see a doctor" shawara yake ba ka yanzu-yanzu, ba labarin jiya yake yi ba: da ni ne kai, da na je wurin likita.

"Was" fa? A hira za ka ji Turawa da kansu suna cewa "If I was rich" ko "If she was here", kuma littattafan nahawu na zamani sun yarda da hakan. Amma "If I were you" ta zama kafaffiyar magana, shi ya sa "was" a nan take yi wa wasu nauyi a kunne. A jarrabawar WAEC ko takardar neman aiki, ni dai "were" zan rubuta.

Idan kuwa abin yana iya yiwuwa ya faru a baya, "was" ce daidai: "If I was rude yesterday, I am sorry."