Ina Kuskuren Yake? Bi Tururi Za Ka Gano Shi

Ɗalibai da dama a makarantun da ke kewayen Ƙofar Mazugal, a ƙaramar hukumar Dala, sun fara sanin kayan ɗakin gwaji ne a allo kafin su taɓa su da hannu. Shi ya sa tambayar da ke cewa "nuna kuskuren da ke cikin wannan zane" take cin maki a jarrabawar kemistiri ta WAEC da NECO. Wanda ya haddace zane kawai, da an ɗan gusar da abu ɗaya sai ya ga komai daidai. A wannan mako mun ɗauki zanen distileshan, wato raba ruwa da abin da ya narke a cikinsa ta hanyar tafasawa da sanyaya tururi, domin mu bi shi tare.

Ga yadda zanen yake

A ce an ɗebo ruwan rijiya mai zartsi, ana son a fitar da ruwa zalla. An zuba shi a filas, wato tulun gilashi mai dogon wuya, an kunna wuta a ƙasa. A gefen wuyan akwai ɗan bututu da ya shiga kwandansa, inda tururi ke sanyi ya koma ruwa, ya ɗiga a kofin gilashi. An toshe bakin filas da roba, an cusa ma'aunin zafi ta tsakiyarta. Amma mai zanen ya tsoma kan ma'aunin cikin ruwan da ke tafasa.

Nan ne kuskuren. Wurin da ya dace kan ma'aunin ya tsaya shi ne daidai bakin ɗan bututun gefe, inda tururi ke karya kwana zuwa kwandansa.

Me ya sa?

Abin da muke tarawa a kofi tururi ne ya zama ruwa, don haka zafin tururin muke son sani. Shi ne zai gaya mana ko abin da ke fitowa zalla ne. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100 na Salshiyas a bakin teku. Gishiri kuwa yana ɗaga wannan lamba, kuma yayin da ruwa ke raguwa a filas, gishirin na ƙara kauri, zafin na ƙara hawa. Ruwan da ya ƙoshi da gishiri yakan kai wajen digiri 108 kafin ya tafasa. Ma'aunin da aka tsoma a ciki zai yi ta hawa, alhali wanda ke bakin bututu zai tsaya cik a kusa da 100. Idan kuma aka ɗaga shi sama da bututun sosai, tururi ba zai lulluɓe kansa ba, sai ya nuna ƙasa da gaskiya.

Wani abin lura: Kano tana kusan mita 500 sama da teku, saboda haka ruwa zalla a nan yakan tafasa a wajen digiri 98. Idan kuka ga haka a ɗakin gwaji, ma'auninku lafiya lau yake. A takardar jarrabawa dai 100 ake rubutawa, sai in tambaya ta faɗi wani abu daban.

Ci gaba da bin tururin

Bayan ma'auni, ku duba kiban da ke jikin kwandansa. Ruwan sanyi yana shiga ta ƙasa, kusa da kofi, ya fita ta sama, kusa da filas. Ta haka rigar gilashin ke cika maƙil. Idan aka juya kiban, ruwan zai zurare ba tare da ya cika ta ba, wani tururin ya tsere bai zama ruwa ba.

Daga nan sai ƙarshen hanya. Idan an toshe inda ruwa ke ɗiga ruf, babu kafar iska, matsi zai taru har toshiya ta yi tsalle ko gilashi ya fashe.

Yadda ake rubuta amsa

Jimla uku sun isa: kuskuren, gyaransa, da dalili. Kan ma'auni yana cikin ruwa. Ya kamata ya kasance daidai bakin bututun gefe. Dalili, zafin tururin da ke shiga kwandansa ake aunawa. Cewa kawai "ma'aunin ba daidai yake ba" bai nuna wa mai duba takarda kun gane ba.

Sai dai kada ku mayar da wannan doka ta kowane zane. A gwajin da ake auna zafin da ke tashi idan asid ya haɗu da alkali, kan ma'aunin cikin ruwan yake shiga tsundum, ba tare da ya taɓa gindin mazubi ba. Kafin ku ce wani abu kuskure ne, ku fara tambayar kanku: zafin mene ne wannan gwaji yake son ya auna?