Tabarma, Yaloluwar Katifa ko Gado: Wanne Ne Yake Raba Mutum da Ciwon Baya?

Ga waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, ga shi mun rubuto muku kamar yadda muka saba.

Yau magana ce a kan wurin kwanciya. Na san kowa a cikinmu ya taɓa jin wani babba a gida ya ce, "Bayanka ke ciwo? Sauko ƙasa ka kwanta a tabarma, zai miƙe." A ɗaya gefen kuma akwai masu ganin cewa duk wanda ya kwana a ƙasa wahala ce kawai, in ya samu kuɗi ya sayi gado da katifa mai inci goma shi ke nan ya rabu da ciwo. To wa ya fi gaskiya? Ni dai ba likita ba ne, amma abin ya taɓa cina, shi ya sa na zauna na bi diddiginsa.

Bari mu fara da bayan kansa. Ƙashin bayan mutum ba miƙaƙƙe ba ne kamar sanda. In ka kalle shi ta gefe, yana da lanƙwasa: a wuya ya ɗan shiga ciki, a tsakiyar baya ya ɗan fito, a ƙugu ya sake shiga ciki. Abin da jiki yake so da daddare shi ne a bar waɗannan lanƙwasa yadda suke, kada a ƙara su, kada kuma a danne su. Don haka shimfiɗa tana da aiki biyu. Ta ɗan lotsa a inda jiki ya fi nauyi ko ya fi tudu, wato kafaɗa da kwankwaso, sannan ta tokare inda yake da rami, wato ƙugu. Ita shimfiɗar da take taɓa jikinka ita ce ke wannan aikin. Ƙafafun gado ba ruwansu da shi. Katifa mai kyau in ka ajiye ta a siminti, bayanka ba zai san ba a kan gado take ba.

To me ya sa mutane da yawa suke rantsuwa cewa ƙasa ta warkar da su? Bari in ba ku labarina. A shekarata ta ƙarshe a jami'a ina kwana a kan wata katifa da na gada wajen wani da ya gama, mai inci huɗu a suna, a kan gadon ƙarfe mai waya. Tsakiyarta ta riga ta zama kwano. Kullum na tashi da asuba sai in ji ƙuguna ya riƙe, in zan sa takalmi sai na dafa bango, amma kafin ƙarfe tara in na ɗan yi tafiya sai abin ya sake ni. Wata rana zafi ya kore ni na shimfiɗa tabarma a ƙasa. Kwana uku, ciwon ƙugu ya ragu sosai. Na fara yi wa abokai wa'azin tabarma.

Sai dai bayan mako guda wata sabuwa ta ɓullo. Ni mai kwanciya ta gefe ne, sai ga kafaɗar dama tana min tsami, hannu yana sagewa cikin dare, ƙashin kwankwasona kamar an doke shi da muciya. Ina juyi ba adadi, barcin ma ya zama rabi-rabi.

Abin da ya faru mai sauƙin ganewa ne. A tsohuwar katifar, kwankwasona yana nutsewa cikin rami, baya ya lanƙwashe na tsawon awa shida ko bakwai. Da na koma ƙasa ramin ya tafi, shi ya sa na ji sauƙi. Wato rabuwa da matacciyar katifa ce ta taimake ni, na ɗauka tabarma ce. Ita kuma tabarmar da nata laifin: ba ta lotsawa ko kaɗan, nauyina gaba ɗaya ya taru a kafaɗa da kwankwaso, ƙugu kuma ya rataye a sama babu abin da ya tare shi.

Akwai wani bincike da aka yi a ƙasar Sifaniya, aka buga shi a mujallar likitoci ta Lancet a 2003. An ɗauki mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu wanda ba a gano wata takamaimiyar cuta da ta jawo shi ba. Aka ba wasu katifa mai tauri sosai, wasu kuma mai matsakaicin tauri, ba tare da an gaya musu wacce aka ba su ba. Bayan kwana 90, waɗanda suka kwana a mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi. Ku lura, katifa da katifa aka gwada a nan, ba a gwada tabarma ba. Amma ya isa ya nuna mana cewa maganar "duk abin da ya fi tauri ya fi gyara baya" ba haka take ba.

Saboda haka tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce: ya nake kwanciya? Mai kwanciyar rigingine shi ya fi jure ƙasa, don nauyinsa ya bazu a faɗin baya. Shi abin da yake buƙata shi ne filo marar tudu a kai, da wani filon ko naɗaɗɗen bargo a ƙarƙashin gwiwoyi. Da gwiwa ta ɗan ɗago, ƙugu yakan sauka ya huta. Mai kwanciya ta gefe kuwa, irina, tabarma zalla ba tasa ba ce. Yana buƙatar abin da kafaɗa za ta ɗan shiga, da filo mai tudun da zai cike tsakanin kunne da kafaɗa don kada wuya ya karkace, da wani filon a tsakanin gwiwoyi don kada ƙafar sama ta faɗo gaba ta murɗe ƙugu. Mai rub da ciki, kai kam ko a ina ka kwanta wuyanka a murɗe yake kwana, gara ka koyi juyawa.

Yanzu ga yadda za ka gane ko shimfiɗarka ce matsalar, ba tare da ka kashe ko sisi ba. Cire zanin gado, ka ɗauko sandar mofa ko wani miƙaƙƙen katako ka gitta a kan katifar. In ka ga rata a tsakiya har yatsu biyu suna shiga ƙarƙashin sandar, katifar nan ta gama aiki. Sannan ka kwanta ta gefe yadda ka saba, ka tura tafin hannu ƙarƙashin kwankwaso. In kana jin taurin siminti ko katakon gado ta cikin soson, to soson bai ɗauke ka ba, suna kawai ya tara. Ka kuma ɗaga katifar ka duba gadon. Sau da yawa katifar lafiyarta ƙalau, katako ɗaya ne ya karye a tsakiya, ko kafinta ya yi rowa ya jera su da tazara mai yawa, soso yana zurmawa ta tsakani.

Alamar da ta fi kowacce a wurina ita ce lokaci. Ciwon da yake tashe ka da safe, ya lafa in ka motsa, ya kuma ragu in ka kwana a wani wuri, a fara zargin shimfiɗa. Wanda kuma yake zuwa da yamma bayan ka yini a kan babur, ko a zaune kan benci kana danna waya, kada ka ɗora wa katifa laifin da ba nata ba.

Abin da na yi ni a ƙarshe: na yar da tsohuwar, na sayi sabon soso mai inci huɗu amma mai nauyi, na ajiye shi a kan tabarma a ƙasa. A nan ne nake so matasa su buɗe ido, musamman masu shirin aure da masu haɗa kayan ɗaki. A kasuwa inci muke tambaya, alhali abin da yake sa soso ya daɗe bai lotsa ba shi ne cikarsa. Katifa biyu masu girma ɗaya, ɗaga kowacce ka ji. Wadda ta fi nauyi ita ce aka fi cika wa soso, kuma galibi ita za ta fi daɗewa. Mai inci takwas da za ka ɗaga da yatsa biyu, ado ce. Ka kuma riƙa juya ta, kai ya koma ƙafa, duk bayan 'yan watanni.

Amma fa ƙasa tana da nata sharuɗɗan da ba su shafi baya ba. Siminti yana zuƙe ɗumin jiki, abin da ke sa ya yi daɗi a watan Afrilu shi ne ke sa ya zama azaba da hunturu. Mai sikila dai kada ya yi wasa da wannan, sanyi yana daga cikin abubuwan da ke tayar musu da ciwo. Da damina kuma, soson da aka bari a kan leda ko siminti yana tara danshi a ƙasansa, gumi daga sama, laima daga ƙasa, sai wari da baƙin tabo. Shi ya sa nake sa tabarma a tsakani, da safe kuma in jingine katifar a bango ta sha iska. Mutanen Japan da suka shahara da kwana a ƙasa ma haka suke yi, suna naɗe shimfiɗarsu da safe, suna kuma shanya ta a rana. Sai ƙura ga mai asma, da kunama ga wanda ɗakinsa yake da kafa a ƙarƙashin ƙofa. Gidan sauro kuwa ba a yafe wa na ƙasa ba, a rataya shi a cusa gefensa ƙarƙashin tabarmar ko katifar ta kowane ɓangare.

Inda gado ya yi wa ƙasa fintinkau shi ne wajen tashi. Mu da muke da shekara ashirin da wani abu ba ma jin wannan, zumbur muke miƙewa. Amma ka kalli Baba ko Hajiya mai ciwon gwiwa, ko mace mai tsohon ciki, ko wanda aka yi wa tiyata, yadda suke fama kafin su tashi daga tabarma cikin dare. A nan ake samun faɗuwa, kuma karayar kwankwaso ga tsoho ba ƙaramin abu ba ne. Su gado ya fi musu, mai tsayin da in sun zauna a bakinsa tafin ƙafa zai taka ƙasa sosai, gwiwa kuma ta yi daidai da kwankwaso ko ta ɗan yi ƙasa da shi. Waɗannan dogayen gadajen da sai an yi tsalle ake hawa, su ma ba na tsofaffi ba ne.

Akwai kuma ciwon bayan da canja shimfiɗa ɓata lokaci ne. In ciwon yana sauka ƙafa har ƙafar tana rasa ƙarfi, ko ka ji tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari da bayan gida sun fara kufce maka ko fitsarin ya ƙi fita, wannan na asibiti ne a ranar, ba gobe ba. Haka in ya zo bayan faɗuwa ko hatsarin babur. In kuma yana tare da zazzaɓi, gumin dare da rama, a je a duba, don tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma yana da magani in an gano shi da wuri. Wanda ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan, ya gwada gyaran shimfiɗa da filo na mako biyu zuwa uku, kada ya yanke hukunci a daren farko don jiki yana ɗaukar kwanaki kafin ya saba. In an kai mako shida ciwon yana nan yadda yake, a nemi likita ko masu gashin ƙashi na asibiti.