Kashi 13.5 Ko Yara Biyu Cikin Dubu: Yadda Ake Taƙaita Maƙalar Bincike

A darasin dabarun bincike akwai aikin da kusan kowane malami yake bayarwa: ya miƙa wa ɗalibi maƙalar da aka buga a mujallar kimiyya, ya ce ya taƙaita ta a shafi ɗaya, ya faɗi yadda aka gudanar da binciken, da abin da aka gano, da inda binciken ya tsaya. Ɗalibai da yawa sukan karanta tsakuren da ke farkon maƙalar, su sauya wasu kalmomi, su miƙa. Malami yana kallo ɗaya zai gane, domin tsakure yana ɗauke da abin da marubutan suka fi so a gani ne, shi kuwa malamin so yake ya san ko ɗalibi ya iya auna nauyin kowace magana, ya ajiye ta daidai inda hujja ta kai ta.

Bari mu ɗauki maƙala ta gaske mu bi ta. A shekarar 2018 mujallar New England Journal of Medicine ta buga sakamakon wani gwaji mai suna MORDOR, wanda Jeremy Keenan da abokan aikinsa suka rubuta. An yi gwajin a Nijar da Malawi da Tanzaniya. A Nijar an yi shi ne a Boboye da Loga cikin jihar Dosso. Tambayar da suka sa a gaba guda ɗaya ce: idan aka riƙa ba duk ƙananan yaran gari maganin azitromaisin sau biyu a shekara, masu lafiya da marasa lafiya, shin mace-macen yara za su ragu? Tunanin ya samo asali ne daga Habasha, inda ake raba wannan magani domin yaƙi da amosanin ido, sai aka lura kamar yara sun rage mutuwa a garuruwan da aka raba shi.

Shawarata ita ce ɗalibi ya tsallake sakamako tukuna, ya fara da sashen hanyoyin bincike. Wanda ya riga ya ga adadi mai daɗi yakan koma neman abin da zai gaskata shi, ya daina ganin rauni. A wannan sashe zai tarar an ɗauki al'ummu 1,533, wato ƙauyuka da unguwanni, aka jefa ƙuri'a aka raba su gida biyu. Yara daga wata 1 zuwa wata 59 a rukuni na farko sun sha azitromaisin, kimanin miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin yaro, duk bayan wata shida har sau huɗu. Na rukuni na biyu sun sha wani abu mai kama da maganin sak, amma babu sinadarin a cikinsa. Iyaye ba su san wanne aka ba ɗansu ba, masu rabon da masu ƙidayar ma ba su sani ba.

A nan ne kuskure na farko yake faruwa. Ɗalibi yana ganin an ƙidaya yara 190,238 a farkon aikin sai ya rubuta cewa "an raba yara 190,238 gida biyu ta hanyar ƙuri'a". Ba haka aka yi ba. Ƙuri'ar ta faɗa ne a kan gari, duk yaran gari ɗaya abu ɗaya suka sha. Bambancin yana da nauyi, domin yaran ƙauye ɗaya rijiya ɗaya suke sha, sauro ɗaya ke cizon su, nisansu da asibiti ɗaya ne. Idan kyanda ta shiga, tare za ta same su. Saboda haka yara ɗari na gari ɗaya ba sa ba da shaidar da yara ɗari daga garuruwa ɗari za su bayar, kuma lissafin masu binciken ya yi la'akari da hakan. Taƙaitawar da ba ta faɗi abin da aka jefa wa ƙuri'a ba ta ɓata tsarin binciken tun daga jimlar farko.

Abu na biyu da ya wajaba a fito da shi shi ne yadda aka san yaro ya rasu. Ba rajistar asibiti aka duba ba, domin yara da yawa a waɗannan ƙauyuka a gida suke rasuwa. Ma'aikata ne suke bi gida-gida duk wata shida, suna tambayar kowane yaro da ke cikin ƙidayar baya: yana nan, ya yi ƙaura, ko ya rasu? Ɗalibi ya riƙe wannan da kyau, zai buƙace shi idan ya zo kan iyakoki.

Sai sakamako. A garuruwan da aka ba da maganin, an sami mutuwa 14.6 a cikin kowane yara dubu a shekara. A ɗaya rukunin kuwa 16.5. Marubutan suka ce mace-mace sun ragu da kashi 13.5 cikin ɗari. Ɗalibi mai himma zai ɗauki alƙalami ya cire 14.6 daga 16.5, ya raba da 16.5, ya sami kusan kashi 11.5, hankalinsa ya tashi. Ba kuskuren ɗab'i ba ne. Adadin 13.5 ya fito ne daga lissafin ƙididdiga da ya bi garuruwan ɗaya bayan ɗaya, ya kuma lura da ƙasar da kowanne yake. Abin da ya dace shi ne ya kawo adadin yadda aka buga shi, ya kawo alƙaluman biyu kusa da shi, kada ya gyara wa marubuta lissafinsu a ɓoye.

Me ya sa na nace a kan a kawo alƙaluman biyu? Domin "kashi 13.5" shi kaɗai yana sa mai karatu ya ɗauka an ceci yara goma sha uku cikin kowane ɗari. Gaskiyar ita ce bambancin kusan yara biyu ne cikin dubu a shekara, wato sai an bai wa yara fiye da ɗari biyar maganin na tsawon shekara kafin a hana mutuwa ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ran ɗan wani ne, kuma idan aka lissafa da miliyoyin yara adadin yana da girma. Amma mai karatu yana da haƙƙin ya ga girman abin yadda yake.

Kusa da kowane adadi a maƙalar akwai wasu biyu da ake kira tazarar tabbaci. Ga 13.5, tazarar ta tashi daga 6.7 zuwa 19.8. A sauƙaƙe, bayanan da aka tara sun dace da ragin da bai wuce kashi bakwai ba, sun kuma dace da wanda ya kusa ashirin, amma ba su dace da a ce maganin bai yi komai ba. Yanzu duba jadawalin ƙasashe. A Nijar ragin ya kai kashi 18.1, tazararsa daga 10.0 zuwa 25.5. A Malawi kashi 5.7 ne, a Tanzaniya 3.4, kuma a duka biyun tazarar ta faro ne daga ƙasa da sifili. Ta Tanzaniya ta miƙe daga ƙarin kashi 21.2 har zuwa ragin kashi 23.0.

Wannan wuri yana da tarko biyu, kuma ɗalibai sukan tsere wa ɗaya su faɗa ɗayan. Wani zai rubuta cewa maganin ya rage mace-mace a ƙasashe uku, alhali mafi yawan nasarar daga Nijar ta fito, inda yara suka fi mutuwa tun asali. Wani kuma zai rubuta cewa bincike ya tabbatar maganin ba ya aiki a Malawi da Tanzaniya. Shi ma ya wuce gona da iri. An tsara girman gwajin ne domin ya amsa tambayar a dunƙule, ba ƙasa-ƙasa ba, kuma tazara mai faɗi irin ta Tanzaniya tana nufin bayanan ba su isa a yanke hukunci ba. Jimlar da ta dace ita ce: an ga ragi bayyananne a Nijar, a sauran ƙasashen biyu kuwa sakamakon bai bambanta da rashin tasiri ba. Haka nan batun jarirai 'yan wata 1 zuwa 5, inda ragin ya kai kashi 24.9. A ambace shi, amma a nuna cewa binciken wani yanki ne na yaran, ba babbar tambayar da aka gina gwajin a kanta ba.

Sashen iyakoki shi ne inda aka fi yin ha'inci ba da niyya ba. Ɗalibi yakan rubuta "ana buƙatar ƙarin bincike" ya rufe littafi. Wannan jimla za ta zauna a ƙarshen kowace maƙala a duniya, don haka ba ta gaya wa kowa komai ba. Iyaka ta gaske ita ce wadda za ka iya nuna tushenta a cikin tsarin aikin, ka kuma faɗi wace magana ta hana a yi. Tunda ƙidaya duk wata shida ake yi, jaririn da aka haifa bayan ƙidaya ɗaya ya rasu kafin ta gaba bai shiga lissafi ba. Tunda mutuwa daga kowane dalili aka ƙirga, gwajin bai nuna ta wace hanya maganin ya yi aiki ba, ko ta rage gudawa, ko ciwon huhu, ko zazzaɓin cizon sauro. Tunda shekara biyu aka yi, bai faɗi abin da zai faru bayan shekara goma ana rabon ba.

Mafi nauyi a ganina shi ne batun bijirewar ƙwayoyin cuta. Idan aka riƙa ba dubban yara masu lafiya maganin kashe ƙwayoyin cuta, ƙwayoyin da suka tsira sukan zama waɗanda maganin ba ya ji. Maƙalar 2018 ba ta kawo wannan awon ba, ta bar shi ga wasu rahotanni, kuma wanda ya fito daga Nijar a 2019 ya nuna ƙaruwar bijirewa ga dangin wannan magani a garuruwan da aka raba shi. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙi amincewa da a raba shi ko'ina, ta ce a duba yiwuwarsa ga jarirai 'yan wata 1 zuwa 11 kawai, a wuraren da mace-macen yara suka yi yawa. Ɗalibi zai iya kawo irin wannan bayani, da sharaɗin ya raba shi fili: ga abin da marubutan suka amsa da kansu, ga abin da ni na lura, ga abin da ya fito daga baya. Ya kuma ambaci cewa Gidauniyar Bill da Melinda Gates ce ta ɗauki nauyin aikin. Faɗin mai ba da kuɗi ba zargi ba ne, bayani ne da mai karatu yake buƙata.

Idan aka harhaɗa, zuciyar taƙaitawar za ta iya zama kamar haka: "An raba al'ummu 1,533 a Nijar da Malawi da Tanzaniya ta hanyar ƙuri'a, yara 'yan wata 1 zuwa 59 suka sha azitromaisin ko makwafinsa marar sinadari sau huɗu cikin shekara biyu, aka ƙirga mace-mace ta ƙidayar gida-gida. An sami mutuwa 14.6 cikin dubu a shekara a rukunin magani, 16.5 a ɗayan, ragin kashi 13.5 mai tazarar 6.7 zuwa 19.8. Ragin ya bayyana a Nijar, bai tabbata a sauran biyun ba. Gwajin bai nuna dalilin ragin ba, kuma wannan maƙala ba ta auna bijirewar ƙwayoyin cuta ba."

Kafin miƙawa, ɗalibi ya bi kalmomin aikinsa ɗaya-ɗaya. Inda ya rubuta "ya tabbatar", ya duba ko "ya nuna" ne ya dace. Inda ya rubuta "ya jawo", ya tambayi kansa ko an jefa ƙuri'a. A MORDOR an jefa, don haka yana da damar danganta ragin ga maganin, amma a binciken da aka tsaya ana lura da mutane kawai, iyakar abin da zai ce shi ne an ga alaƙa. Kowane adadi kuma ya sa yatsa a kansa cikin jadawalin maƙalar, ya ga da idonsa ko na Nijar ne ko na ƙasashen uku a haɗe.